Shafi 40 Su Koma Shafi Ɗaya: Tambayoyin Shekarun Baya Su Ne Alƙali



Duk lokacin da jarrabawa ta matso, abu ɗaya ake gani a unguwanninmu, daga Agege da Idi-Araba har Sabon Ibadan da Shagamu. Yaro ya taso daga kasuwa ko wurin aiki bayan isha'i, ya zauna da handawut mai shafi 40 da alƙalamin shafa launi, ya yi ta ja har shafin ya zama rawaya daga sama zuwa ƙasa. Wani kuma ya sayi sabon littafi ya kama kwafe handawut ɗin da ƙananan haruffa, shafi 40 ya koma 25, ya ce ya taƙaita. Dukansu sun wahala, amma babu wanda ya yi aikin da ake buƙata. Ra'ayina shi ne, ɗalibin da yake son ya ci jarrabawa ya mayar da handawut ɗin shafi ɗaya tak, kuma tambayoyin shekarun baya su yanke hukuncin abin da zai shiga shafin, ko da kuwa zuciyarsa ta fi son wani abu daban.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan shafi ɗaya shi ne ƙuncinsa. Wanda ya ba kansa shafi biyar ba zai taɓa zubar da komai ba, zai dai matse rubutu. Shafi ɗaya mai layi kusan 30 kuwa dole ya sa mutum ya tsaya a kan kowane batu ya tambayi kansa: wannan ana iya tambayata a kansa, kuma maki nawa yake ɗauka? Wannan tsayawar ita ce karatun. A yawancin jami'o'inmu jarrabawar ƙarshen zango tana ɗaukar maki 70 ko 60 cikin 100, sauran na tes da aikin gida ne. Awa biyu ko uku ne ke yanke wannan kaso mai yawa, kuma malami ba zai iya tambayar shafi 40 a cikinsu ba. Dole ya zaɓa. Ɗalibin da ya gano yadda malamin yake zaɓe ya rage wa kansa rabin wahala.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mu ce kwas ɗin ECO 101 ne, gabatarwar ilimin tattalin arziki, wanda 'ya'yanmu da yawa ke yi a shekarar farko. Handawut ɗin ya bi hannu da yawa kafin ya iso: fotokofi a kan fotokofi, wasu shafuka babu lamba, wasu sun maimaitu, wani wuri an liƙa rubutun hannu na wani ɗalibi. Aikin farko shi ne a sa wa kowane shafi lamba da biro, daga 1 zuwa 40. Sai a karanta shi sau ɗaya da sauri, ba tare da jan layi a ƙarƙashin komai ba, ana rubuta sunan batu kawai a saman kowane shafi. Wannan ba zai wuce awa biyu ba. A ƙarshensa mutum zai ga cewa batutuwa shida ne kacal a cikin tulin takardun. Shafi 1 zuwa 5 tarihi ne da ma'anonin ilimin. Shafi 6 zuwa 10 suna magana a kan ƙarancin abin hannu da zaɓi da abin da mutum ke sadaukarwa idan ya zaɓi wani abu. Shafi 11 zuwa 19 buƙatar masu saye ce, 20 zuwa 26 kayan da masu sayarwa ke kawowa, 27 zuwa 31 daidaiton farashi, sai 32 zuwa 40 ilastisiti, wato yadda ciniki ke motsawa idan farashi ya motsa.

A wannan matakin ne ake gane ɓarnar da ke cikin takardun. Idan shafi 18 ya ƙare a tsakiyar jimla kuma 19 ya fara da sabon batu, to akwai shafin da ya faɗi a wurin mai fotokofi, sai a nemo shi wurin wani ɗan aji tun da sauran lokaci. Idan rubutun hannun da aka liƙa ya saɓa wa na malami, a duba littafin da malami ya ce a karanta. Kuskuren da ya shiga shafi ɗaya ya fi wanda ke cikin shafi 40 haɗari, domin shi za a haddace.

Aiki na biyu shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙi. A samo tambayoyin wannan kwas na shekara biyar da suka wuce. Ana samunsu wurin 'yan ajin gaba, ko ƙungiyar ɗaliban sashe, ko shagunan fotokofi na cikin makaranta. A ware na shekara ɗaya a ajiye ba tare da an duba ba, zai yi amfani daga baya. Sauran huɗun a bi su tambaya bayan tambaya, kowace a sa mata alama a gaban batun da ta fito daga ciki, tare da makinta. Mu ƙaddara abin da aka samu ke nan: ilastisiti ya fito duk shekara huɗu, kullum da lissafi. Daidaiton farashi shi ma duk shekara. Bambanci tsakanin canji a kan layin buƙata da gusawar layin gaba ɗaya ya fito sau uku. Abin da ake sadaukarwa ya fito sau biyu a matsayin gajeren bayani. Tarihi kuwa sau ɗaya, maki biyar.

To nan ne ake raba layuka 30 ɗin, kuma rabon ya bi maki. Ilastisiti ya samu layi tara, daidaiton farashi shida, buƙata biyar, ƙarancin abin hannu da zaɓi huɗu, kayan masu sayarwa uku, tarihi uku. A lura da cewa buƙata ta ci shafi tara a handawut, daidai da ilastisiti, amma ta tashi da layi biyar kawai. Daidaiton farashi shafi biyar ne, amma ya fi ta samun wuri. Yawan shafi a handawut yakan nuna inda malami ya ji daɗin magana ne, ko inda ya samu abin kwafowa da yawa. Maki yana wani wurin.

Shafuka biyar na tarihi su ne mafi daɗin karatu, shi ya sa suke cinye wa ɗalibai dare guda. Abin da ake iya tambaya a cikinsu kaɗan ne. Adam Smith, 1776, ya ɗauki ilimin a matsayin binciken dukiyar al'ummai. Alfred Marshall, 1890, ya karkata ga jin daɗin ɗan Adam a harkokinsa na yau da kullum. Lionel Robbins, 1932, ya gina ma'anarsa a kan buƙatu masu yawa da abin biyansu ƙalilan wanda ake iya juyawa ta hanyoyi daban-daban. Layi uku ke nan, kowanne da suna da shekara da kalmar da ta bambanta shi da sauran. Garin da aka haifi Smith da labarin masana'antar allura duk su zauna a handawut.

Shafuka tara na buƙata kuma abu biyu ne zuciyarsu. Na farko dokar kanta: idan farashi ya hau, abin da ake saye yakan ragu, matuƙar sauran abubuwa ba su canja ba. Na biyu shi ne tarkon da ke kayar da ɗalibai duk shekara. Idan farashin kayan da kansa ne ya canja, to motsi ne a kan layi ɗaya. Idan wani abu daban ne ya canja, kamar kuɗin shigar mutane, ko farashin wani kaya da ke maye gurbinsa, ko sha'awa, ko yawan jama'a, to layin ne gaba ɗaya yake gusawa. Ɗan da ya tashi a gidan fatake bai kamata wannan ya ba shi wuya ba. Idan mai rago ya ƙara kuɗi a ranar da babu wani sha'ani, masu saye suka ja baya, motsi ne a kan layi. Idan Babbar Sallah ta matso, mutane suka yi ta neman rago a kowane farashi fiye da yadda suke nema a watan jiya, layin ne ya gusa dama. A shafin taƙaitawa wannan duka layi biyu ne da ƙaramin zane, sai kalma ɗaya a gefe, rago, don ta tuno da misalin. Misalai goma sha biyu da malami ya jero a handawut, ɗaya ya wadatar, kuma gara wanda mutum ya sani da idonsa.

Daidaiton farashi lissafi ake tambaya a kansa, don haka lissafin ne zai shiga shafin, da lambobinsa, daga farko zuwa ƙarshe:

```
Qd = 100 - 2P
Qs = 20 + 2P
Qd = Qs  →  80 = 4P  →  P = 20, Q = 60
```

A ƙarƙashinsa sai layi ɗaya: idan farashi ya haura 20 kaya za su yi kwantai, idan ya gaza 20 za su yi ƙaranci. Ɗalibi na iya gwadawa da kansa. A farashi 25, masu saye suna son 50, masu sayarwa sun kawo 70, rarar 20 ke nan. Wanda ya rubuta kalmomin daidaiton farashi kawai a shafinsa ba tare da wannan lissafin ba, kanun batu ya rubuta, kuma ba a ba da maki a kan kanun batu.

Ilastisiti, wanda ya fi kowa samun wuri, yana buƙatar ƙa'ida da misali da hukunci. Ƙa'idar ita ce:

```
PED = %ΔQd / %ΔP
```

Misalin kuma mu ɗauko shi daga irin cinikin da ake yi a Mile 12, da lambobin da muka ƙaddara don sauƙin lissafi. Kwandon tumatir ya tashi daga naira 20,000 zuwa 25,000, hawan kashi 25 cikin 100 ke nan. Dillalin da ke sayar da kwando 100 a rana ya koma sayar da 90, raguwar kashi 10 cikin 100. A raba 10 da 25, a samu 0.4. Tun da bai kai 1 ba, buƙatar ba ta motsa sosai ba. Kuɗin da ya shigo ma ya tabbatar da haka: da naira miliyan 2 ne, yanzu miliyan 2 da 250,000. Daga nan hukuncin ya fito, kuma shi malamai suka fi son tambaya: idan amsar ta gaza 1, ƙara farashi yana ƙara kuɗin shiga, idan ta wuce 1 yana rage shi, idan 1 ce daidai kuɗin ba ya canjawa. Sai a ƙara layi ɗaya na gargaɗi, cewa ana raba canjin ne da lambar farko, wato 5,000 a kan 20,000, sai fa idan malamin hanyar tsaka-tsaki ya koyar, to a bi tasa. Sauran layukan su ɗauki abubuwan da ke sa buƙata ta motsa ko ta ƙi motsawa: samuwar madadi, ko kayan na dole ne, kason da yake ci a kuɗin mutum, da tsawon lokaci. Shafi tara sun zama layi tara, kuma babu makin da ya zube.

Wata magana da ta shafe mu musamman ita ce ta harshe. Da Hausa muke fahimta, da Turanci ake jarrabawa. Misalan da ke tuno wa mutum abu, irin su rago da tumatir, ya rubuta su da Hausa idan ya so. Amma sunayen batutuwa da ma'anoni da ƙa'idoji dole su shiga shafin da ainihin kalmomin da malami ya yi amfani da su, domin mai duba takarda kalmomin yake nema. Ɗalibi na iya fahimtar abu sarai ya rasa maki saboda ranar jarrabawa ya tsaya fassara daga zuciyarsa.

Yanzu sai gwaji, kuma a nan tambayoyin shekarar da aka ɓoye suke fitowa. A rufe handawut, a ajiye shafin nan ɗaya a gaba, a sa agogo, a amsa su kamar a ɗakin jarrabawa. Duk tambayar da aka kasa amsawa, ɗayan biyu ne. Ko dai batun bai shiga shafin ba, to sai a koma handawut a ɗauko shi, a cire wani layi mai ƙarancin maki a sa shi a gurbinsa, ba tare da an ƙara shafi na biyu ba. Ko kuma batun yana nan amma mutum ya kasa faɗaɗa layin ya zama sakin layi, wanda ke nuna bai fahimce shi ba tun farko, sai ya koma waɗancan shafukan kawai ya zauna da su. Bayan kwana biyu a sake wani gwajin: a kife shafin, a ɗauko farar takarda, a rubuta shi da ka. Abin da ya ɓace a wannan rubutun shi ne karatun gobe. Shafin da aka gama a daren jarrabawa ba zai samu wannan gwajin ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A fara tun saura mako biyu.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma wasunsu dattawa ne da nake girmamawa. Suna cewa mun tura yara makaranta su nemi ilimi, yanzu ana koya musu farautar maki. Maganarsu tana da gaskiya a cikinta. Ɗalibin da bai halarci lakca ba, bai karanta komai ba duk zango, sannan ya zo yana neman shafi ɗaya, yana yaudarar kansa ne. Amma mu duba yadda malamanmu na zaure suka yi. Ahalari ɗan ƙaramin littafi ne, Muhtasar na Shehu Halilu kuma ya matse fiƙihun Malikiyya a cikin jimloli gajeru ƙwarai, har sai da malamai suka yi ta rubuta masa sharhi. Babu wanda ya ce marubutansu sun guje wa ilimi. Sai wanda ya san fage sosai yake iya matse shi haka, kuma matsattsen rubutu ba ya amfani sai a hannun wanda zai iya warware shi. Haka shafin ɗalibi yake. Shi ya matse, shi ne kuma zai yi sharhin a takardar amsa. Handawut ɗin da littattafan ba a ƙona su ba, suna nan ga mai son zurfafawa bayan jarrabawa.

Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa ba na goyon bayan abin da ke yawo a rukunonin WhatsApp na ɗalibanmu, inda mutum ɗaya zai taƙaita, a ɗauki hoto, mutum hamsin su haddace. Niyyar taimako ce, amma kalmar rago da ke gefen shafin wani ba za ta tuno wa wanda bai rubuta ta ba komai. Kayan aro ba ya rufe katara. Idan ana son a taimaki juna, kowa ya yi nasa, sannan a zauna mutum uku ko huɗu a kwatanta. Inda shafinka ya rasa abin da ke shafin sauran ukun, ka bincika. Inda kai kaɗai ka sa wani abu, ka kare shi da hujja daga tambayoyin baya ko ka cire.

Hanyar tana da iyaka, kuma ya kamata a faɗa. Idan an canja malamin kwas a bana, tambayoyin baya sun rage ƙarfi, sai a jingina da jadawalin batutuwan da sabon malamin ya bayar, da tambayoyin tes ɗinsa, da abin da ya tsaya ya maimaita ko ya warware a allo. Idan jarrabawar ta kwamfuta ce mai zaɓin amsa, kamar yadda ake yi wa manyan azuzuwan shekarar farko a makarantu da dama, ƙananan abubuwa irin su shekaru da sunaye suna ƙara daraja, tambayoyin kuma suna watsuwa ko'ina, don haka shafin zai zama taswira ce kawai, dole a riƙa komawa handawut. Kwas na lissafi zalla kuwa, shafin ƙa'idoji ba ya maye gurbin warware tambayoyi da hannu. Sannan batun da bai taɓa fitowa ba a shekara huɗu amma yana cikin jadawali, kada a share shi gaba ɗaya. A ba shi layi ɗaya, domin malami na iya waiwayarsa a bana.

Akwai gargaɗin da ba zan rufe ba sai na yi shi. Shafi ɗaya yana naɗuwa ya shiga aljihu, kuma a ƙofar ɗakin jarrabawa shaiɗan ba ya nisa. Takardar da ta taimaki ɗalibi mako biyu, idan aka same ta a jikinsa a ciki, satar amsa ce, ko da bai buɗe ta ba. Hukuncinta a makarantu yakan kai dakatarwa ko kora, kuma tun 1999 akwai dokar ƙasa a kan maguɗin jarrabawa. Yaron da mahaifinsa ya yi shekaru yana tara kuɗin makaranta a kasuwar Mile 12 ko a kara, bai kamata ya jefa duk wannan a kan falle ɗaya ba. A bar shi a gida. Wanda ya rubuta shi da ka sau biyu ba ya buƙatarsa a aljihu.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma ina da roƙo ƙarami. Abin da ya fi yi wa ɗalibanmu wuya a wannan hanya shi ne samun tambayoyin baya, musamman sababbin shiga da ba su san kowa a ajin gaba ba, da masu karatun ƙarshen mako da ba sa zama a makaranta. 'Ya'yanmu da suka gama UNILAG da LASU da Yabatech da Jami'ar Ibadan suna da waɗannan takardu a akwatunansu. A tattara su a ofishin ƙungiya, a jera su kwas-kwas da shekara-shekara, a sa mutum ɗaya ya kula da su. Kuɗin fayil ne da fotokofi kawai. Iyaye kuma idan kun ga yaro yana shafa launi, ku tambaye shi ya nuna muku shafinsa ɗaya, ku ɗora yatsa a kan kowane layi ku ce ya yi muku bayaninsa da Hausa. Ko ba ku yi boko ba za ku gane wanda ya sani da wanda ke kame-kame, musamman idan maganar farashin kaya ce.

Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya sa albarka a karatunsu, ya saka wa iyaye da alheri. Amin.